“Yaya, duba min maƙalata”, alhali maƙalar ba ta zo ba

Saƙon ya shigo wajen ƙarfe tara na dare: “Yaya, don Allah ka duba min maƙalata, gobe da ƙarfe goma na safe zan miƙa. Ka gyara duk abin da ka gani.” Na ja saƙon sama, na ja ƙasa. Babu fayil, babu mahaɗin da zan latsa, babu ko jimla ɗaya daga cikin maƙalar. Ƙanwata ce, tana shekararta ta farko a jami'a, kuma na san da gaske take. Ta kwana biyar tana fama da rubutun. Amma abin da ya iso hannuna roƙo ne kawai, abin da ake roƙon a duba yana can cikin kwamfutarta.

Na daɗe ina duba wa mutane rubutu, kuma irin wannan saƙon ba baƙo ba ne a wurina. Ɗalibai suna yi, ma'aikata suna yi, har waɗanda suka shekara suna rubutu. Mutane sukan ɗauke shi a matsayin 'yar mantuwa wadda saƙo ɗaya zai gyara. A zahiri ba haka abin yake tafiya ba. A daren nan sai ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na sami maƙalar da zan iya aiki a kanta. Kusan awa uku ta salwanta, kuma ko waƙafi ɗaya ban taɓa ba. Zan bi abin da ya faru daki-daki, domin kowane tuntuɓe da muka yi a daren yana nuna wani abu da mai neman gyara ya kamata ya sani.

Da farko, me ke sa mutum ya nemi a duba masa rubutu ba tare da ya turo shi ba? Wanda ya yi kwanaki a kan maƙala, maƙalar ta cika masa kai. Tana buɗe a gabansa lokacin da yake rubuta saƙon. Idan ya ce “wannan maƙalar”, a wurinsa magana ta cika, domin idonsa yana kanta. Ya manta cewa wanda yake wa magana ba ya zaune kusa da shi. Wannan ita ce mantuwa ta gaskiya, kuma ita ce ta sami ƙanwata.

Akwai kuma wanda ya turo, amma abin bai tafi ba. Ya zaɓi fayil, ya latsa, intanet ta yanke kafin fayil ya gama hawa. Rubutaccen saƙo ƙarami ne, yakan wuce nan take, fayil kuwa sai ya tsaya a hanya. A WhatsApp alamar tana nan a fili: idan ɗan agogo ne a gefen saƙon, bai bar wayarka ba, alamar maki ɗaya tana nufin ya bar wayarka, biyu na nufin ya isa wayar wancan. A imel kuma wurin dubawa shi ne `Sent`. Idan saƙon yana cikin `Outbox` ko `Drafts`, bai je ko'ina ba. Idan yana cikin `Sent`, ka buɗe shi ka ga sunan fayil ɗin da idonka a ƙasan saƙon. Gmail yakan tunatar da mutum idan ya rubuta da Turanci cewa ya haɗo fayil alhali bai haɗo ba, amma wanda ya rubuta saƙonsa da Hausa kada ya jira wannan tunatarwar.

Na uku shi ne wanda da gangan ya riƙe rubutun. Yana ganin rashin ladabi ne ya jibge wa mutum aiki tun bai amsa ba, don haka sai ya fara tambaya: “Za ka iya duba min wani rubutu?” Niyyar mai kyau ce, kuma ina girmama ta. Matsalar ita ce ba ni da yadda zan ce e ko a'a. Shafi biyu ne ko arba'in? Da wane harshe? Yau ake so ko mako mai zuwa? Idan na amsa ban sani ba, ina iya ɗaukar alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Turo rubutun tare da roƙon ba tilastawa ba ne, ba wa mutum damar yanke shawara ne da idonsa a buɗe. Idan kuma kana da dalilin riƙe shi har sai an amsa, to ka faɗi adadin kalmomi da harshe da ranar da kake so a gama. Waɗannan ukun sun isa a ba ka amsa ta gaskiya.

Na rubuta wa ƙanwata cewa maƙalar ba ta zo ba. Ta riga ta ajiye waya, sai bayan minti arba'in ta gani. Ta ba da haƙuri, sai ga hotuna bakwai sun shigo a jere. Ta ɗauki fuskar kwamfutarta da kyamarar waya, shafi bayan shafi.

Hoton rubutu ba rubutu ba ne a wurin mai gyara. Ba zan iya sa alama a kan kalma ba, ba zan iya goge harafi ba, ba zan iya neman kalma in ga sau nawa aka maimaita ta ba. Duk gyaran da na gani sai na rubuta shi daban, ina kwatance: hoto na uku, layi na tara, kalma ta huɗu, a sa waƙafi bayanta. Ita kuma sai ta koma ta nemo wurin ta gyara da hannunta, kuma a wannan kai da kawowar ne sababbin kurakurai suke shigowa. Ga shi kuma manhajojin hira sukan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da matsewar take fara cinyewa shi ne ƙananan alamomi, wato aya da waƙafi da lanƙwasar ƙ da ɗ, su ne kuwa ainihin abin da aka kira ni in duba. A cikin hotunan nan bakwai, na huɗu ya zo kafin na uku, hasken fitila ya rufe rabin na shida, kuma layukan ƙarshe na shafuka biyu sun fita daga hoton.

Wuri ɗaya ne hoto yake da hujja, shi ne idan da hannu aka rubuta maƙalar. Nan ma da sharaɗi: a shimfiɗa takardar, a ɗauka daga sama kai tsaye cikin haske, a sa wa kowane shafi lamba kafin a ɗauka, a haɗa su duka cikin fayil ɗin PDF guda, sannan a WhatsApp a turo shi ta `Document` maimakon a turo a matsayin hoto, domin ta nan ba a matse shi. Kuma marubucin ya bar sarari tsakanin layuka da gefen takarda, inda gyara zai zauna.

Na ce mata ta turo rubutun kansa. Sai ga mahaɗin Google Docs. Na latsa, shafin ya ce `You need access`. Wannan ita ce matsalar da ta fi ruɗa mutane, domin mai turowa idan ya gwada mahaɗin a wurinsa lafiya lau yake buɗewa. Dole ya buɗe masa, ai shi ne mai takardar. Sabuwar takarda a Google Docs a kulle take zuwa: a ƙarƙashin `Share`, wurin da aka rubuta `General access` yana kan `Restricted`, ma'ana ba wanda zai shiga sai wanda aka saka adireshinsa. Kwafo mahaɗi ba ya buɗe ƙofar. Na latsa `Request access`, buƙatar ta tafi imel ɗinta, ita kuma ba imel take kallo ba, WhatsApp take kallo tana jiran gyara. Mun yi rabin awa kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ka latsa `Share`, ka rubuta adireshin imel ɗin mai dubawa, ka zaɓa masa matsayi. Matsayin uku ne, kuma zaɓin yana da muhimmanci. `Viewer` karatu kawai zai yi, ba zai iya sa ko aya ba, don haka bai dace da wannan aikin ba. `Editor` yana iya canja komai kai tsaye, har ya goge sakin layi ba ka lura ba. `Commenter` shi ne daidai: duk abin da ya canja yana fitowa a matsayin shawara, kana ganin tsohuwar kalma da sabuwa, kai ne za ka karɓa ko ka ƙi. Akwai zaɓin `Anyone with the link`, yana da sauri, amma duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai karanta aikinka tun kafin ka miƙa. Idan ka yi amfani da shi, ka mayar da takardar `Restricted` da zarar an gama. Asusun makaranta ko na ma'aikata kuma wani lokaci an tsara shi ne yadda ba a iya buɗe wa na waje takarda ko kaɗan. Idan haka ne, ka sauke ta a matsayin fayil ka turo.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin minti ɗaya. Idan ka buɗe wa duk mai mahaɗi, ka manna mahaɗin a tagar `Incognito` ta Chrome, inda ba a san ko kai wane ne ba. Idan takardar ta buɗe a can, za ta buɗe wa kowa. Idan kuwa mutum ɗaya ka ba wa izini, ka tabbata adireshin da ka saka shi ne wanda yake amfani da shi a na'urar da zai yi aikin, domin mutane da yawa suna da adireshi fiye da ɗaya.

A ƙarshe ta ce bari ta turo fayil ta imel. Ya iso, na buɗe, na fara karantawa. Ina cikin sakin layi na biyar na ga rubutun ya tsaya a tsakiyar jimla, a ƙasansa kuma an rubuta “a ƙara misali a nan”. Na duba ƙasan taga ta hagu inda Word yake nuna adadin kalmomi, na ga 940. Ita kuwa ta ce min maƙalar kalma 1,500 ce. Daftarin ranar Alhamis ta turo. A cikin kwamfutarta akwai fayiloli huɗu masu suna kusan iri ɗaya, ta zaɓi na sama.

A ganina wannan ya fi rashin turowa gaba ɗaya illa. Idan babu komai, nan take na sani. Idan kuwa kwafin da ba shi ba aka turo, ina iya yin awa guda ina gyara jimlolin da marubucin ya riga ya goge da kansa. Sa'ar da muka yi ita ce tsohon daftarin bai kammala ba, don haka ya tona kansa. Da a ce cikakke ne, kawai an sauya sakin layi uku a sabon, ba abin da zai nuna min.

Maganin abu biyu ne. Na ɗaya, sunan fayil ya faɗi abin da yake ciki da ranar da aka adana shi. Sunaye irin su “na ƙarshe” da “na ƙarshe na gaske” ba sa taimakon kowa bayan kwana biyu. Abu kamar haka ya fi:

```
makala-barci-2024-03-10-don-dubawa.docx
```

Na bar haruffa masu lanƙwasa daga sunan da gangan, domin sunan fayil yana ratsa na'urori daban-daban, kuma haruffan da ba su da ƙugiya sun fi isa lafiya. Na biyu, ka faɗi adadin kalmomi a cikin saƙonka. A Word yana ƙasan taga, a Google Docs yana ƙarƙashin `Tools`, sai `Word count`. Wannan lambar ita ce hatimin kayanka. Mai karɓa yana buɗewa zai duba tasa, idan ta yi nesa da taka ya san wani abu ya faɗi a hanya ko ba fayil ɗin ba ne. Ƙananan bambanci na kalmomi kaɗan ba komai ba ne, manhajoji ba sa ƙirga daidai da juna, musamman wajen bayanan ƙasan shafi. Bambancin ɗaruruwa kuwa alama ce.

Girman fayil ma yana magana. Maƙalar kalma 1,500 wadda babu hotuna a ciki ba ta wuce 'yan gomomin KB. Idan abin da ka haɗo bai kai KB 1 ba, kusan tabbas ba takardar ba ce. Lokacin da takarda take buɗe, Word yakan ƙirƙiri wani ɗan fayil a gefenta wanda sunansa yake farawa da `~$`, babu rubutunka a cikinsa. Haka nan fayil mai ƙarewa da `.lnk` ko `.gdoc` manuniya ce kawai zuwa inda takardar take, ba takardar ba. Adireshin da ya fara da `C:\Users\` kuwa wuri ne a cikin kwamfutarka, ba wanda zai iya zuwa can sai kai. A ɗaya ɓangaren, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, idan ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, ka ga an koma maganar izini ke nan. Maƙala ba ta kai wannan girman sai an cika ta da hotuna.

Wane irin fayil ya kamata a turo? Idan ana son a yi gyara a ciki, `.docx`. Kusan kowace manhajar rubutu tana buɗe shi, kuma yana ɗaukar `Track Changes`, wanda ake kunnawa a ƙarƙashin `Review`. Da shi duk harafin da na cire zai fito da layi a kansa, duk wanda na ƙara zai fito da launi, marubucin ya bi ɗaya bayan ɗaya yana `Accept` ko `Reject`. Wannan ba ado ba ne. Maƙalar taka ce, sunanka ne a kanta, ya kamata ka ga kowane canji ka yarda da shi, kuma ta haka ne za ka gane kuskuren da kake yawan yi. PDF yana da kyau idan abin da ake so a duba shi ne kamannin shafi na ƙarshe, amma gyara a cikinsa sharhi ne a gefe, wanda sai ka kwashe da hannu. Fayil ɗin `.pages` na na'urorin Apple ne, mai Windows ba zai buɗe shi cikin sauƙi ba, don haka a fitar da shi zuwa Word tukuna.

To me ya hana a kwafo rubutun a manna shi cikin saƙo kawai? Babu abin da ya hana, idan gajere ne. Wasiƙar shafi ɗaya ko sakin layi uku, mannawa ta fi komai sauƙi, babu kulle, babu fayil da zai ƙi buɗewa. A kwamfuta `Ctrl+A` ke zaɓar rubutun duka, `Ctrl+C` ya kwafa, `Ctrl+V` ya manna. A waya kuwa a nemi `Select all`, domin jan yatsa yakan bar farko ko ƙarshe. Amma mannawa tana da abin da take zubarwa. Rubutun tsutsa da aka yi wa sunayen littattafai yakan koma rubutu na yau da kullum, jadawali yakan wargaje, bayanan ƙasan shafi sukan ɓace su bar lamba tsirara, wani lokaci ma sakin layuka su haɗe su zama dunƙule guda. Sai mai dubawa ya yi ta nuna kuskuren da babu shi a asalin takardar. Ga kuma iyakar tsawo. Telegram ba ya ɗaukar fiye da haruffa 4,096 a saƙo ɗaya, maƙalar kalma 1,500 kuwa ta wuce haka nesa, don haka za ta rabu. Idan dole ne a raba, a raba a ƙarshen sakin layi, a rubuta “kashi na 1 cikin 3” a saman kowanne, a rufe na ƙarshe da kalmar “ƙarshe”, don mai karɓa ya san babu saura.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin abin lura, kuma ina son in ɗan tsaya a kansa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba kowace hanya ce take kai su lafiya ba. Idan aka adana rubutu a fayil ɗin `.txt` da tsarin `ANSI` maimakon `UTF-8`, suna iya komawa alamar tambaya. Idan samfurin haruffan da aka zaɓa ba shi da su, sai su fito kamar ƙananan akwatuna, ko su fito da wani zubi daban da sauran kalmar. Wasu tsofaffin samfuran haruffan Hausa ma dabara aka yi musu, an ɗora ƙ a kan wata alama ta daban, don haka a kwamfutar da babu samfurin sai ka ga alamomi marasa ma'ana a tsakiyar kalma. Saƙon tes kuma, da zarar harafi mai lanƙwasa ya shiga, iyakar saƙo ɗaya takan sauka daga haruffa 160 zuwa 70. Abin da ya sa wannan ya shafi mai gyara shi ne lanƙwasar tana sauya ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Kasa daban, ƙasa daban. Kara ba ƙara ba ne. Idan na ga kalma babu ƙugiya, ina bukatar sanin marubucin ne ya manta ko hanya ce ta cinye. Kafin ka turo, ka tura wa kanka, ka buɗe a wata na'urar, ka nemi kalma ɗaya da ka san tana da ƙ. Idan ta iso da lanƙwasarta, sauran ma sun iso.

Da fayil na gaskiya ya zo, kalma 1,512, na ɗauka an gama. Na karanta shafin farko, sai na tsaya na tambaye ta: wace tambaya malamin ya ba ku? Maƙalar a kan ƙarancin barci ce da yadda yake shafar karatu. Ta turo tambayar, sai ga shi an ce a tattauna dalilai biyu da mafita biyu, kada a wuce kalma 1,500, a yi amfani da tsarin APA wajen ambaton madogara. Maƙalarta tana da dalilai uku da mafita ɗaya. Da ban ga tambayar ba, da na gyara mata kowace aya da waƙafi, na mayar mata da rubutu mai tsabta wanda bai amsa abin da aka tambaya ba. Shi ya sa nake cewa tambayar wani ɓangare ne na maƙalar. A kwafo ta kalma da kalma yadda malami ya rubuta, kada a taƙaita, domin abin da ɗalibi ya tsallake wajen karanta tambaya shi ne dai zai tsallake wajen taƙaita ta.

Sai kuma maganar “ka gyara duk abin da ka gani”. Gyara hawa-hawa ne. Akwai na sama, wato harafin da ya faɗi, aya, waƙafi, babban baƙi, raba kalma da haɗa ta, kamar bambancin “sai da” da “saida”. Akwai na jimla, inda ake warware magana mai sarƙaƙiya ko a cire maimaici. Akwai na tsari da hujja, inda ake cewa wannan sakin layin ya koma gaba, wancan bai da madogara. Lokacin da kowanne yake ci daban ne, kuma ba a yin su a karatu ɗaya. Wanda yake farautar waƙafi ba ya ganin hujja, wanda yake bin hujja idonsa yana tsallake waƙafi. Idan saura awa goma a miƙa, shawarar a sake gina maƙala daga tushe ba ta da amfani sai tayar da hankali. Makarantu da yawa ma suna da ƙa'ida a kan iyakar abin da wani zai taɓa a aikin da za a ba wa maki: an yarda a nuna kuskuren rubutu, ba a yarda a sake wa ɗalibi jimloli ko a ƙara masa hujja ba. Ɗalibi ne ya kamata ya san ƙa'idar makarantarsa ya faɗa wa mai dubawa. Idan da Turanci aka yi rubutun, a faɗi kuma ko salon Birtaniya ake bi ko na Amurka, don kada a mayar da `colour` zuwa `color` a banza.

Wasu sukan turo sakin layi ɗaya su ce a duba, sauran ai iri ɗaya ne. Ba iri ɗaya ba ne. Kurakurai da yawa ba sa bayyana sai an haɗa wuri biyu. A shafi na ɗaya an rubuta “kashi 20 cikin ɗari”, a na huɗu an rubuta “20%”. Gabatarwa ta yi alkawarin abu uku, jikin maƙala ya kawo biyu. An taƙaita suna a shafi na uku ba a taɓa rubuta shi cikakke ba. Duk waɗannan, kowace jimla ita kaɗai daidai take. Don haka a turo duka, tun daga take har jerin madogara. Abin da ya halatta a cire shi ne abin da ya shafi sirrin mutum, kamar lambar ɗalibi, lambar waya, ko sunayen mutanen da aka yi hira da su. A sa wata alama a gurbinsu, a sanar da mai dubawa cewa da gangan aka yi.

Abu na ƙarshe da na roƙi ƙanwata shi ne ta cire hannunta daga takardar har in gama. Idan ina gyara kwafi ɗaya tana sauya wani, za mu wayi gari da maƙala biyu, kowacce da rabin gyara. Word yana da `Compare` a ƙarƙashin `Review` don haɗa irin wannan, amma aiki ne da ba a so a shiga da tsakar dare. Tunda ita ma tana da aikin yi, wato cire dalili ɗaya da rubuta mafita ta biyu, sai muka raba: ta rubuta sabon sakin layin a wata takarda daban ta turo, ni kuma na ci gaba da sauran, na saka shi a wurinsa da ya iso.

Da aka haɗa duk abin da na yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya a cikin awa ukun nan, saƙon da ya kamata ya zo tun ƙarfe tara bai fi haka ba: “Yaya, don Allah idan kana da lokaci ka duba min maƙalata. Ga fayil ɗin nan na haɗo, kalma 1,512 ce, shi ne kwafin ƙarshe, ba zan taɓa shi ba sai ka dawo da shi. Ga tambayar malamin na manna a ƙasa. Iyaka kalma 1,500, tsarin APA. Kuskuren rubutu da alamomi nake so ka duba, idan kuma ka ga ban amsa tambayar ba ka faɗa min. Gobe ƙarfe goma zan miƙa, zan so in samu kafin bakwai na safe. Idan ba zai yiwu ba ka sanar da ni yanzu in nemi wani.”

Na karanta maƙalar sau biyu, na farko don ma'ana, na biyu a hankali layi-layi don alamomi. A karatu na biyu na ga ta ambaci wani madogara a shafi na biyu da shekarar 2018, a jerin madogara kuma an rubuta 2019. Ban san wanne ne daidai ba, littafin yana wurinta, don haka ban canja ba, na sa sharhi a gefe cewa ta duba. Jerin madogaran yana shafi na bakwai, kuma layin da shekarar take yana cikin waɗanda suka fita daga hoton da ta fara turowa. Na mayar mata da fayil ɗin ƙarfe ɗaya da kwata, na ƙara “an-duba” a ƙarshen sunansa, sannan na buɗe `Sent` na ga ya tafi tare da saƙon.